Malam Akawu, Ina Ka Kai Minti Goma Sha Biyun Bawan Allah?

Na san abin da za ka ce, Malam Akawu, tun ba ka buɗe baki ba. Za ka ce ka yi shekara da shekaru kana haɗa kuɗin ma'aikata, kalkuletarka har lambobinta sun goge don dannawa, kuma ba a taɓa kama ka da ko kwabo ba. Na yarda. Ai ba a ce kai ɓarawo ba ne. Kalkuletar ce take ɗan yi wa ma'aikata yankan aljihu kullum, kai kuma kana sa mata hannu a ƙasa da jan biro.

Ga tambaya, kada ka taɓa na'ura. Mutum ya shiga aiki ƙarfe takwas na safe, ya tashi huɗu da rabi na yamma. Awa nawa ya yi? Za ka ce takwas da rabi, ko numfashi ba ka ja ba. Madalla. To rubuta mini. Hannunka ya rubuta 8.30, ya ninka da kuɗin awa, ya wuce layi na gaba. Bakinka ya ce rabi, hannunka ya rubuta abin da bai kai ko sulusi ba. Rabin abu a lissafin ɗigo 0.50 ne, kamar yadda rabin naira yake kwabo 50. Shi 0.30 kashi talatin ne cikin ɗari, kuma kashi talatin cikin ɗari na awa guda minti 18 ne cif. Mutumin ya yi maka minti 30, ka biya shi na 18. Sauran goma sha biyun fa? Ba su shiga aljihunka ba, shi ya sa kake barci da minshari. Suna nan cikin asusun mai gida, wanda shi ma bai san an yi masa wannan kyauta ba, balle ya gode maka.

Na ji Hajiya mai gidan burodi tana cewa daga can, “Yo minti goma sha biyu har abin rubutu a mujalla ne? Yaran nan a wajen danna waya ma sun ci fiye da haka.” Ranki ya daɗe, ban musa ba, wataƙila sun ci. Amma idan za ki yanke musu na danna waya, ki yanke da saninki, ki faɗa musu. Wannan kuwa yanka ne na makanta, yana cin mai ƙwazo da malalaci bai ɗaya, har ma ya fi cin wanda ya ƙara miki minti arba'in da biyar bayan kowa ya tafi. Kuma ki ɗan dakata da murna, akwai ranar da wuƙar take juyowa ta yanke ki, za mu zo wajen.

Tushen rigimar ba ɓoyayye ba ne. Kalkuleta ɗari ta sani. Ba ta ɗaukar ɗaya ta kai gaba sai abin da ke bayan ɗigo ya cika ɗari. Agogo kuwa sittin ya sani, yana cika sittin ya juya awa. Wannan sittin ɗin gadon mutanen Babila ne, a ƙasar Iraƙi ta yau, waɗanda suke lissafi da sittin-sittin fiye da shekara 3,000 da suka wuce, kuma ba wauta suka yi ba: sittin tana rabuwa biyu, uku, huɗu, biyar, shida, duk ba saura, abin da ɗari ba ta iyawa. Masu jin haushin sittin ma ba yau suka fara ba. A 1793 Faransawa sun kafa doka cewa dare da yini awa goma ne, kowace awa minti ɗari, har aka ƙera agoguna a kan haka. Jama'a suka yi biris, a 1795 aka janye tilascin. To abin da gwamnatin juyin juya hali ta kasa, kai ne za ka yi shi da kalkuletar naira dubu biyu?

Abin dariyar ma shi ne kakarka ba za ta yi wannan kuskure ba. Kafin 1 ga Janairun 1973, ranar da naira da kwabo suka shigo, kuɗin Najeriya fam ne da sule da kwabo: kwabo goma sha biyu sule guda, sule ashirin fam guda. Tsohuwa mai ƙosai, wadda ba ta taɓa ganin ƙofar makarantar boko ba, a ce mata sule biyu da sisi, a ƙara sule uku da kwabo tara, nan take za ta ce sule shida da taro. Ta tara sulallan daban, biyar. Ta tara kwabban daban, shida da tara goma sha biyar. Ta cire sha biyu ta mayar sule, saura uku. Ba ta taɓa rikita sulai da kwabbai a tukunya ɗaya ba. Abin da ake nema daga gare ka ke nan, sai dai inda take cire sha biyu kai sittin za ka cire.

Mu bar zance, mu ɗauko takarda. Mu ƙaddara wani ma'aikaci a injin casar shinkafa, ana biyansa naira 1,200 kowace awa, kuma don kada mu cika wa kanmu kaya, a ce wurin ba ya cire lokacin cin abinci. Litinin ya shiga 8:00 ya fita 16:30, awa 8 da minti 30. Talata ya yi sammako, 7:45 zuwa 16:30, awa 8 da minti 45. Laraba ya makara, 8:10 zuwa 16:00, awa 7 da minti 50. Alhamis mota ta zo da buhuna da yamma, 8:00 zuwa 17:15, awa 9 da kwata. Juma'a ya shiga 7:30 ya tashi 13:10 don masallaci, awa 5 da minti 40. Asabar 8:05 zuwa 14:35, awa 6 da rabi.

Yanzu ba ni kalkuletarka in danna yadda kake dannawa: 8.30 da 8.45 da 7.50 da 9.15 da 5.40 da 6.30. Ta ba mu 45.10. Ka ninka da 1,200, naira 54,120. Lamba ce mai kyan gani, ba ta da alamar ciwo ko kaɗan, kuma ko sau goma ka sake dannawa ita za ta fito, abin da yake ƙara maka ƙwarin gwiwa ke nan.

To ajiye ta, mu yi irin na tsohuwa. Awanni kaɗai: 8 da 8 da 7 da 9 da 5 da 6, arba'in da uku. Mintoci kaɗai: 30 da 45 saba'in da biyar, da 50 ɗari da ashirin da biyar, da 15 ɗari da arba'in, da 40 ɗari da tamanin, da 30 ɗari biyu da goma. Sittin nawa ne cikin 210? Uku, wato 180, saura 30. Awa uku da rabi ke nan. Ɗora kan arba'in da uku, ka sami awa 46 da minti 30. Sai yanzu, kuma sai yanzu kaɗai, za ka juya mintin zuwa ɗigo: 30 raba 60 ya ba da 0.5, jimla 46.5. Ninka da 1,200, naira 55,800.

Tsakanin 55,800 da 54,120 akwai naira 1,680. Aikin awa guda da minti ashirin da huɗu ne, mutum ya sha ƙurar shinkafa a banza. Duba ka gani, minti 84 ɗin nan kashi arba'in cikin ɗari ne na 210, kuma ba dace aka yi ba. Kullum haka yake: duk mintin da ka rubuta bayan ɗigo ka raba shi da ɗari maimakon sittin, don haka kashi biyu cikin biyar nasa sun tafi. Minti 15 ya koma 9, minti 45 ya koma 27, minti 50 ya koma 30. Idan makonnin mutumin duka irin wannan ne, a mako 52 ya rasa naira 87,360. Mafi ƙarancin albashin da Najeriya ta kafa a 2024 naira 70,000 ne a wata. Hajiya, har yanzu minti goma sha biyu ne?

Akwai kuma wani ɗan'uwanmu mai rabin wayo, na hango shi yana gyaɗa kai yana cewa shi dai ba ruwansa, shi da hannu yake tarawa. Gaskiya ne, ya tara daidai, ya sami 46:30, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Sai ya ɗauki kalkuleta ya danna 46.30 sau 1,200, ta ba shi 55,560. Ya haye kogi lafiya, ya zo ya zame a bakin ganga. Naira 240 kawai ya ci wa mutumin, amma cuta ɗaya ce, kuma tasa ta fi wuyar kamawa saboda duk layukan sama daidai suke, mai dubawa yana gajiya kafin ya kai ƙasa.

Wani kuma zai ce, “Ai ni ba na ninka 45.10 ɗin haka, na san awa 45 da minti 10 take nufi.” Sannu da basira. Awa 45 da minti 10 ina, awa 46 da rabi ina? Saura awa guda da minti ashirin. Ga inda suka shige: mintocin sun kai 210, kalkuleta ta ɗauki ɗari ta ba ka awa guda, ta sake ɗaukar ɗari ta ba ka wata. Kowace awa sittin ce farashinta, ita ta saye ta a ɗari. Arba'in sau biyu, tamanin. Duk lokacin da na'urar ta ɗauki ɗaya ta kai gaba, minti arba'in sun nutse ba ko kumfa.

Yanzu ga wuƙar da na yi wa Hajiya alkawari. Kafin a tara ai sai an ɗebe, a cire lokacin shiga daga na fita. Ɗauki Talatar nan: 16.30 a ɗebe 7.45, kalkuleta ta ce 8.85. Shin akwai agogon da ya taɓa nuna ƙarfe takwas da minti tamanin da biyar? Abin da ya faru shi ne 45 ba ta fita cikin 30, sai na'urar ta yi aro daga awa, ta aro ɗari a inda sittin kawai ake da ita. Idan aka biya 8.85 ɗin haka, an ba ma'aikaci minti shida da bai yi ba, don daidai ɗin 8.75 ne. Idan kuwa mai wayo ya karanta ta a matsayin awa 8 da minti 85, ya gyara ta koma 9:25, ya yi kyautar minti arba'in daga aljihun Hajiya. Laraba ma haka: 16.00 a ɗebe 8.10 ta ba da 7.90, alhali awa 7 da minti 50 ne. Kin ga ke nan ba ma'aikaci kaɗai ake yi wa aski ba.

Ɗebewar kirki ba ta da wuya. Ka ari awa guda a matsayin sittin: 16:30 ta zama 15:90, a cire 7:45, saura 8:45. Ni dai na fi son hanyar da kowa yake bi in yana jiran mota, wato ƙirgawa gaba. Daga takwas saura kwata zuwa takwas, minti 15. Daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma, awa 8. Daga huɗu zuwa huɗu da rabi, minti 30. Awa 8 da minti 45, ba aro ba bashi. Abu ɗaya da zan roƙa shi ne a riƙa rubuta lokaci da tsarin awa ashirin da huɗu, huɗu da rabi na yamma ta zama 16:30. In ba haka ba, wata rana wani zai ɗebe 7:45 daga 4:30 ya zauna yana kallon takarda kamar an aiko masa da sammaci.

Ga wanda ya rantse shi da kalkuleta mutu ka raba, akwai dabarar da za ta bar shi da abarsa. Ka cire ɗigon gaba ɗaya, ka sa sifili tsakanin awa da minti. Awa 8 da minti 30 ta zama 8030, awa 8 da minti 45 ta zama 8045, sai 7050, 9015, 5040, 6030. Tara su, za ka ga 43210. Lambobi uku na ƙarshe mintoci ne, 210, na gaba awanni ne, 43. Abin da sifilin ya yi shi ne ya ba mintocin fili su taru har 999 ba tare da sun tsallaka cikin awanni ba. Daga nan sai ka cire sittin-sittin da kanka. Ka kula da biyu: minti biyar 005 ake rubutawa, wato awa 8 da minti 5 ita ce 8005, sannan kada ka tara fiye da layi goma sha shida a zama ɗaya, domin 59 sau 17 ta haura dubu, mintocin za su fara haurawa katanga. Na mako ko na mako biyu ya wadatar. Wanda kuma yake da kalkuletar ɗalibai irin ta Casio, akwai maɓalli mai alamar °’” da aka yi don digiri da minti da daƙiƙa na kusurwa. Sittin-sittin yake ƙirga, yana karɓar awa da minti ba gardama. Da yawa sun gama sakandare ba su taɓa danna shi ba.

Juya minti zuwa ɗigo kuwa doka ɗaya ce, a raba da sittin. Huɗu ko biyar ne suka cancanci haddacewa: kwata 0.25, rabi 0.5, minti 45 kuma 0.75, kowane minti shida 0.1 ne, don haka 12 ita ce 0.2, 18 ita ce 0.3. Masu taurin kai su ne irin su minti 10 da 20 da 40 da 50, waɗanda ba sa ƙarewa: minti 50 shi ne 0.8333, ukun tana tafiya har abada. Shi ya sa na ce a juya sau ɗaya a ƙarshe, bayan an gama tarawa. In ka juya kullum kana datse wutsiya, datsin yana taruwa. Mutumin da yake yin awa 7 da minti 50 har kwana 26, in ka rubuta masa 7.83 kullum, wajen minti biyar kawai ya rasa a wata, wannan kowa zai yafe. In ka ce ai 7.8 ma ta isa, ka ci masa minti 52. Idan fam ɗin ofishinku ya tilasta ɗigo a kowane layi, to lamba biyu bayan ɗigo, kada a rage.

Yawwa, ga ɗan boko nan ya miƙe, ya ce duk wannan tarihi ne, shi Excel yake amfani da shi, na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ta kuskure. Zo nan, ɗan samari, naka ramin ya fi na kowa zurfi. Excel ba ya ajiye lokaci a matsayin awa, yana ajiye shi ne a matsayin yanki na kwana guda. Ƙarfe sha biyu na rana a wurinsa 0.5 ne, 8:30 kuma 0.354 da 'yan kai. Idan ka rubuta 8.30 da ɗigo ɗaya, bai ga lokaci ba sam, lamba ya gani. In ka tilasta wa gidan ya nuna ta a siffar agogo, zai ɗauka kwana takwas ne da kashi talatin cikin ɗari na kwana, ya nuna maka 7:12, ka yi ta zargin wanda ya taɓa maka kwamfuta. Saboda haka ɗigo biyu, 8:30, ko da yaushe.

Ka rubuta daidai, ka tara makon nan namu, sai ka ga 22:30. Mutum ya yi kwana shida yana aiki, an ce awa ashirin da biyu da rabi. Ba tarawar ce ta lalace ba, nunin ne: siffar agogo tana komawa sifili duk awa 24, kuma 46:30 a cire 24 ita ce 22:30. Ka shiga Format Cells, ka zaɓi Custom, ka rubuta wannan:

```
[h]:mm
```

Bakan nan biyu da suka rungume h su ne suke hana shi juyawa, 46:30 za ta bayyana. Sai kuɗi. Idan jimlar tana gidan D8 ka ninka ta da 1,200 kai tsaye, naira 2,325 za ka gani in gidan amsar yana kan Number, don a cikinsa 46:30 kwana 1.9375 ne. Ka kai wa ma'aikaci wannan a ƙarshen mako ka ga ko za ka fita da hularka. Sai an ninka da 24 tukuna, a kuma mayar da gidan amsar zuwa Number:

```
=D8*24*1200
```

Mai gadin dare ma yana da tasa. Ya shiga 22:00 ya fita 6:00, in ka ɗebe kai tsaye amsar ta faɗa ƙasa da sifili, Excel ya cika maka gidan da ####. Idan shiga tana B2, fita tana C2, wannan yana gyarawa, ya ba ka awa 8:

```
=MOD(C2-B2,1)
```

In kuwa ka gaji tsohon fayil da wani ya cika da su 8.30 da 7.50, ba sai ka sake bugawa ba. Wannan zai juya abin da ke A2 zuwa awa ta ɗigo ta gaskiya, 8.30 ta koma 8.5:

```
=INT(A2)+(A2-INT(A2))*100/60
```

Amma ka buɗe ido. Excel yakan yar da sifilin ƙarshe, 8.30 ta zama 8.3, kuma in magabacinka malalaci ne mai rubuta 8.5 yana nufin awa 8 da minti 5, ko wata rana yana nufin takwas da rabi, dabarar za ta karanta masa minti 50. Wannan ba na'urar da za ta warware shi, sai an koma rajistar shiga da fita ta takarda.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi amfani ga ma'aikaci da mai gida duka: an miƙo maka takarda cike da lambobi masu ɗigo, yaya za ka gane ko minti ne ko ɗigon gaske? Bi abin da ke bayan ɗigon da ido daga sama har ƙasa. In ka ga 75 ko 83 ko 67, kuma 25 da 50 suna ta maimaituwa, an juya, ɗigon gaske ne. In kuwa wata guda cur ba lambar da ta haura 59, sai 15 da 30 da 45 suke ta yawo, to mintoci ne suka sa rigar ɗigo, kada ka yarda a tara su haka. In ka ga 85 ko 90 ko 70 jefi-jefi a tsakiyar su 30 da 45, wannan sawun ɗebewa da kalkuleta ne, irin na Talatarmu. Mai hatsarin ita ce 50, don tana zama a gida biyu: 7.50 tana iya zama bakwai da rabi, tana iya zama awa 7 da minti 50, tsakaninsu minti ashirin. Injinan danna yatsa da wasu ma'aikatu suke sawa a ƙofa, wasu suna fitar da rahoto da ɗigon gaske, wasu da awa da minti. Akawun da ya ga 8.50 daga inji ya biya awa 8 da minti 50 ya yi sadakar minti ashirin, ba lada ba godiya. Gwaji ɗaya ya isa: ɗauki rana guda, duba shiga da fita, ƙirga da yatsa, ka ga wace fassara ta dace.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram a nan sun ɗan fi mu sa'a, don a rubutun Faransanci 8h30 ake sawa, harafin yana tsaye tsakani kamar ɗan sanda, ɗigonsu kuma waƙafi ne, 8,5. Mu da muka saba ganin 8.30 a katin ɗaurin aure da jadawalin jarrabawa, hannunmu ne yake kai mu. A katin biki ba laifi, ba wanda zai ninka lokacin walima da kuɗi. A takardar biyan ma'aikata kuwa, a ja layi biyu daban, ɗaya a rubuta masa Awa, ɗaya Minti, yadda ko sabon yaro aka ɗauka ba zai sami wurin da zai sa ɗigo ba.

Na san har yanzu akwai mai cewa, tunda kuskuren wani lokaci yana cin ma'aikaci wani lokaci yana cin mai gida, ai a ƙarshe sun yi canjaras. Ba su yi ba. A makon nan namu, in aka yi komai da kalkuleta tun daga ɗebewa, Talata da Laraba da Juma'a za su fito 8.85 da 7.90 da 5.80, sauran ukun 8.30 da 9.15 da 6.30, jimla 46.30, har yanzu da saura minti goma sha biyu. Wani makon ya fi haka, wani ya juya. Kuma ko da sun yi canjaras a asusun kamfani, wanda aka ci daban, wanda aka ƙara wa daban: mai zuwa takwas cif ya tashi da rabi kullum shi ake aske wa, mai zuwa takwas saura kwata ya tashi cif shi ake ƙara wa. Je ka gaya wa na farkon cewa haƙƙinsa yana wurin abokin aikinsa, ka ji amsar da zai ba ka.

Malam Akawu, ba sai ka amsa mini a gaban jama'a ba. Jawo takardar makon jiya, zaɓi mutum ɗaya, tara awanninsa daban, mintocinsa daban, raba mintocin da sittin, ka gwada da abin da ka biya shi. In sun yi daidai, ina neman afuwa, shayinka na gobe a wuyana. In ba su yi ba, ranar biya mai zuwa ka cika masa kuɗinsa.